In Ba Za Ka Samu Zuwa Ba, Faɗa Tun da Wuri

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi zango biyu ko uku a jami'a ya san aikin jinga na rukuni. Malami zai raba aji gida-gida, mutum biyar ko shida, ya ba kowane rukuni batu, ya sa ranar da za su tsaya gaban aji su gabatar da abin da suka gano. Haka kuma kowa ya san abin da kan faru a wannan rana: a kira rukuni, mutum biyar su tashi, a yi ta waige-waige ana neman na shida. A buga wayarsa a ji ta a kashe. Malami ya tambaya, 'yan rukuni su ce, “Wallahi Malam, mu ma ba mu san inda yake ba.”

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, rashin zuwa ba laifi ba ne, domin kowa yana da uzuri, kuma rayuwa ba ta jiran jadawalin lacca. Laifin yana ga yadda muke sanar da rashin zuwan, ko yadda muke ƙin sanarwa. Kalmar “ba zan samu zuwa ba” rabin saƙo ce. Cikakken saƙo shi ne wanda aka isar da wuri, aka faɗe shi a fili, aka haɗa shi da miƙa aikin da ke hannun mutum. Tun da mu ɗaliban harshe ne, zan ɗan tsaya a kan kalmomin da muke amfani da su, domin a nan ne ɓarnar take farawa.

Uzurin Ɗalibin Ƙasar Katagum

Kafin a zargi kowa, ya kamata a dubi inda ɗalibanmu suke fitowa. A Azare akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, a Gadau kuma akwai jami'ar jiha wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. Yawancin masu karatu a waɗannan wurare 'yan ƙasar ne: daga Jama'are, Misau, Giade, Shira, Gamawa, Itas, ko garin Katagum kansa, wato hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki da ke arewa da Azare. Kusancin gida alheri ne, amma yana da nasa nauyi. Wanda gidansu ke Legas ba a kiransa don an yi haihuwa ko za a kai mara lafiya asibiti. Wanda gidansu ke Zaki kuwa, ana sa ran ganinsa, musamman in shi ne babba a ɗakinsu. Wasunmu magidanta ne, wasu malaman firamare ne da ke haɗa aiki da karatu, wasu kuma matan aure ne masu goyo.

Ga kuma hanya. Da damina, garuruwan da ke bakin kogin Jama'are sukan sha ambaliya, kuma a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Ɗalibin da ya je gida ranar Juma'a da niyyar dawowa Lahadi yana iya wayar gari ya ga babu ta inda mota za ta bi. Saboda haka ba na cikin masu cewa duk wanda bai zo ba malalaci ne. Uzuri gaskiya ne. Tambayar ita ce, me mai uzuri ya kamata ya yi?

Abin da Ake Asara

Mu fara da lissafi, domin wasu na ganin abin wasa ne. A yawancin jami'o'in Nijeriya, makin auna fahimta yakan kasance 30 ko 40 cikin 100, sauran kuma na jarrabawar ƙarshen zango ne. A wani kwas na karin harshe da muka yi, malaminmu ya raba maki 30 ɗin kamar haka: gwaji maki 15, jingar rukuni maki 15. A cikin na jingar, rubutacciyar takarda tana da 5, gabatarwa gaban aji tana da 5, waɗannan biyu na kowa da kowa ne a rukuni. Sauran 5 ɗin kuma na amsa tambayoyi ne, kowa da nasa.

Wanda bai zo ba kuma bai faɗa ba, ya yi asarar maki 10 nan take. In da zai tashi da 64, wato B, sai ya tashi da 54, wato C. A kwas mai nauyin uku, B tana ba da maki 12 a lissafin sakamako, C kuwa 9. In kuwa da 48 zai tashi, ya koma 38, ya faɗi ke nan, sai ya maimaita kwas ɗin baɗi. Wannan tsakaninsa da kansa ne. Abin da ya fi damuna shi ne makin tarayya. In rashinsa ya sa gabatarwa ta wargaje, aka ba rukuni 2 maimakon 5, to kowane ɗaya daga cikin mutum biyar da suka zo ya rasa maki 3. A cikinsu akwai mai ƙaramin ƙarfi wanda 41 zai samu, yanzu ya koma 38. Ya zo aji, ya yi aikinsa, ya faɗi saboda shirun wani. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wannan ne ya sa nake ganin sanar da rashin zuwa haƙƙi ne na abokan aiki a kan mutum, ba alfarma yake yi musu ba.

“Na Zo” da Sauran Kalmomin Zamewa

Ni Hausa ba harshen da na buɗi baki da shi ba ne, a makaranta da cikin unguwa na koye shi, don haka nakan kasa kunne ga ƙananan abubuwan da mai harshe kan wuce ba tare da ya lura ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne bambancin “zan zo” da “na zo”. A darasin nahawu an koya mana lokaci mai zuwa iri biyu. Na ɗaya shi ne “zan zo”, wanda ke nuna ƙudurin mai magana. Na biyu shi ne “nâa zoo”, mai dogon wasali da karin sauti faɗau, wanda bai kai na farko tabbaci ba. Mai faɗinsa yana nufin akwai yiwuwar zuwansa, amma bai ɗaure kansa ba. Ga kuma “naa zoo” na shuɗaɗɗen lokaci, mai karin sama, wato zuwan ya riga ya auku.

A baki, kunne yana rarrabe su. A rubutun yau da kullum kuwa, inda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, duka biyun “na zo” ake rubutawa. To, mai karatu, ka ɗauka daren Litinin ne, shugaban rukuni ya tura saƙo ta waya: “Kana Azare kuwa? Gobe ƙarfe goma ne fa.” Aka amsa masa da “Na zo.” Shugaba ya karanta a matsayin “na riga na iso gari”, ya kwanta da kwanciyar hankali. Mai saƙon kuwa yana ƙauyensu, abin da yake nufi shi ne “wataƙila in zo”. Gobe in an tuhume shi sai ya ce ai bai yi alkawari ba. A nahawu yana da gaskiya, amma ya san sarai yadda za a fahimce shi.

Akwai 'yan'uwan wannan kalma: “zan ƙoƙarta”, “sai yadda ta yiwu”, “bari mu gani”, “ba damuwa”. Har “in sha Allahu” ma, wadda kalma ce mai girma da ake faɗa tare da niyyar aikatawa, wasu sun mayar da ita mafaka. Suna faɗinta alhali sun riga sun yanke a zuci cewa ba za su zo ba. Yadda ake gane irin wannan amsa ba wuya. Ba ta ɗauke da lokaci, ba ta ɗauke da wuri. Wanda zai zo da gaske yakan ce, “Ina Gadau yanzu, zan shigo motar farko, kafin tara ina nan.” Wanda ba zai zo ba kuma yana jin nauyin faɗa, gajeriyar amsa yake bayarwa, in an matsa masa ya ce “kada ka damu”. Shawarata ga shugabannin rukuni ita ce, in kun ji irin wannan, ku yi tambaya mai amsar e ko a'a: “Mu sa ka a jerin masu magana, ko mu ba wani ɓangarenka?”

Na san dalilin wannan zamewa. Kunya ce da kara. Bahaushe ba ya son ya ce wa mutum “a'a” ƙiri-ƙiri, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau a wurinta. Amma a lacca da Anthony Kirk-Greene ya yi a kan “Mutumin Kirki”, wadda aka buga a 1974, kunya ɗaya ce kawai cikin siffofin da ya lissafa. Gaskiya da amana suna cikin jerin. Ɓangaren aikin da rukuni ya ba ka amana ce. In kunyar minti biyu ta sa ka bar mutum biyar suna kame-kame gaban aji, to ka kare fuskarka ne da fuskokinsu.

Yadda Wani Ya Yi Nasa

A wancan kwas da na ambata, rukuninmu mutum shida ne, batunmu kuwa Guddiranci, wato karin harshen Hausa na ƙasar Katagum. An ba mu minti 30: ashirin na gabatarwa, goma na tambayoyi. Ɗaya daga cikinmu ɗan garin Katagum ne, shi ya je ya yi hira da dattawa ya ɗauko muryoyinsu a wayarsa, kuma shi ne zai kawo misalan a gaban aji. Ɓangarensa shi ne zuciyar aikin, domin in babu misalai, sauran duk shimfiɗa ce. Ranar Talata za mu gabatar. Ranar Larabar da ta gabace ta, saura kwana shida, aka sanar da shi daga gida cewa an sa ranar yi wa mahaifiyarsa aiki a Kano, kuma ta faɗo a wannan Talatar. Shi ne babban ɗa.

Abu na farko da ya yi shi ne, a daren nan ya kira shugabar rukuni, sannan ya tura wa dukkanmu saƙo guda. Ga kusan yadda yake:

“Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina sanar da ku ba zan halarci gabatarwarmu ta ranar Talata ba. Za a yi wa mahaifiyata aiki a Kano a ranar, ni zan kai ta. Ɓangarena na misalai na gama rubuta shi, gobe bayan laccar ƙarfe biyu zan kawo shi tare da muryoyin da na ɗauka. Ina roƙon wani ya karɓa, zan zauna da shi mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in tafi ranar Lahadi. In kun amince, gobe mu je wurin Malam tare da shugaba. Ku yi haƙuri da nauyin da na ɗora muku.”

A duba abin da ke cikin wannan saƙo. Jimlar farko ta yanke magana, babu “ina jin”, babu “wataƙila”. Dalili ya zo a jimla ɗaya, bai tsawaita ba. Ya faɗi inda aikinsa ya tsaya, da ranar da zai miƙa shi, da ranar da zai tafi. Ya kawo mafita, ya kuma bar wa rukuni su yanke. Ban-haƙuri ya zo a ƙarshe, sau ɗaya. Da yawanmu mukan juya abin: layi goma na ban-haƙuri da rantsuwa, sannan a manta a faɗi inda takardar take.

Abu na biyu shi ne miƙa aiki, kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Miƙa aiki ya wuce tura takarda ta WhatsApp. Ranar Alhamis ya tura muryoyin zuwa wayoyin mutum biyu, don kada ta ɗaya ta mutu ko ta ɓata. Ya ba da rubutaccen ɓangarensa. Ranar Asabar ya zauna da wadda ta karɓa, kusan awa biyu, tana furta misalan yana gyara mata, domin a aikin karin harshe in ka furta misalin Guddiranci da bakin Kananci ka rushe hujjarka da kanka. Ya kuma gaya mata wane ne ya faɗi kowane misali, shekarunsa nawa a ƙiyasce, a ina aka yi hirar, saboda ya san malami zai tambaya. Daga ƙarshe muka sake gwada gabatarwar da agogo, mu biyar, don mu tabbatar ba mu wuce minti ashirin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me Ya Sa Rukuni Kafin Malami?

Wasu za su ce ai malami ne mai maki, shi ya kamata a fara sanarwa. Ni ban yarda ba, sai dai in lokaci ya ƙure. Tambayar farko da malami zai yi ita ce, “To 'yan rukuninku sun sani? Wa zai yi ɓangarenka?” In ka je masa ba ka da amsar wannan, matsala ka kai masa. In ka je da amsa, sanarwa ka kai masa tare da roƙo ƙarami. Ban da haka, babu abin da ke ɓata zumuncin rukuni kamar su ji labarin rashin zuwanka daga bakin malami a cikin aji. Amma kada tazarar ta yi yawa. A sanar da rukuni yau, a ga malami gobe.

Zuwa da kai ya fi aike. Abokin namu bai tura wakilin aji ba, bai kuma tare Malam a bakin mota ba. Ya je ofis tare da shugabar rukuni, suka yi sallama, suka gaisa, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, na zo neman uzuri ne game da gabatarwar rukuni na uku ta ranar Talata.” Ya faɗi dalili, shugaba ta tabbatar an raba aikinsa, sannan ya miƙa gajeriyar takarda mai ɗauke da sunansa, lambarsa, sunan kwas, lambar rukuni da kwanan wata. Amfanin takardar shi ne, malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai ba zai tuna maganar baka ba bayan wata biyu, ranar da ya zauna haɗa maki. Takarda ita za ta tuna masa.

A lura da abin da ya roƙa. Bai ce a ɗage ranar ba, domin ɗage ranar rukuni ɗaya yana taɓa jadawalin dukkan aji, kuma mutum biyar ba su da dalilin jira. Bai ce a ba shi maki kyauta ba. Cewa ya yi, “In da hali, Malam, ina roƙon a ba ni wata rana in zo in amsa tambayoyi a kan ɓangarena.” Malam ya amince. Rukuni ya gabatar ranar Talata, shi kuma ya dawo mako na gaba ya tsaya minti biyar a farkon lacca ya amsa tambayoyinsa. Roƙon da ke da sauƙin amsawa shi aka fi amsawa.

A ranar nan kuma, wani rukuni ya tashi babu mutum ɗaya. A daren jiya ya ce musu “ba damuwa”. Kwafin takardarsu guda ɗaya da aka buga yana cikin jakarsa. Suka yi ta karantowa daga waya, ɓangarensa kuwa babu wanda ya taɓa gani. Daga baya aka ji uzurinsa na gaskiya ne, har ya fi na abokinmu nauyi, kuma tun kwana uku kafin ranar ya sani. Bambancin mutanen nan biyu bai shafi girman uzuri ba. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya yi shiru.

In Abin Ya Zo Ba Zato

Za a ce da ni, “Kai kana maganar mai kwana shida. Wanda aka yi wa rasuwa da asuba fa, ko wanda zazzaɓi ya kayar, ko ruwa ya tare?” Gaskiya ne, wannan ba a neman ya je ofis ko ya koyar da wani. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: kira ɗaya ko saƙo ɗaya ga shugaban rukuni, mai ɗauke da abu biyu, wato “ba zan zo ba” da “aikina yana wuri kaza”. In shi ba zai iya ba, ƙaninsa ko matarsa ko abokin ɗakinsa ya yi. Shugaba kuma ya sanar da malami kafin a fara lacca, kada ya bari sai an kira suna. Bayan mai uzuri ya dawo, ya je da kansa cikin kwana biyu ko uku. In rashin lafiya ce, ya tafi da takardar asibiti, ya kuma bi ƙa'idar da ke cikin littafin dokokin ɗalibai na makarantarsa, domin makarantu da yawa suna son asibitin makaranta ya tabbatar da takardar da aka kawo daga waje.

Amma maganin gaggawa na gaskiya tun ranar raba aiki ake haɗa shi. Kowane ɓangare ya kasance mutum biyu sun san shi, mai shi da mataimakinsa. Kada kwafin takarda ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kuma in gabatarwa ta faɗo Litinin ko Talata a tsakiyar damina, duk wanda zai je gida ƙarshen mako ya bar ɓangarensa a hannun shugaba kafin ya hau mota. Rukunin da ya yi haka, rashin mutum ɗaya zai girgiza shi amma ba zai kayar da shi ba.

Haƙƙin Mai Uzuri a Kan Rukuni

Nauyin ba a kan mai uzuri kaɗai yake ba. Dalilin da ya sa wasu ke ɓoyewa shi ne sun san abin da zai biyo baya: tambayoyin ƙwaƙwaf, da habaici, da yaɗa zancen a aji. Rukuni yana da haƙƙin sanin cewa mutum ba zai zo ba, da inda aikinsa yake. Ba shi da haƙƙin sanin sunan ciwonsa. In 'yar'uwa ta ce, “Ina da uzurin asibiti,” ya wadatar. Cikakken bayani tsakaninta da malami ne in ya nema. In muna son mutane su riƙa faɗa da wuri, sai mu sa faɗar ta yi sauƙi.

Abu biyu ne nake ganin bai kamata rukuni ya yi ba. Na farko, rufa asiri da ƙarya: a ce “yana hanya” alhali an san yana Kano, ko a sa masa hannu a takardar halarta. In malami ya gano, kuma sau da yawa yakan gano, duk rukunin ne zai rasa amincinsa, sa hannun wani kuwa laifi ne da ka iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Na biyu, cire sunan mutum daga takarda a ɓoye don huce haushi. In ya yi aikin rubutu, sunansa ya zauna. In bai yi komai ba tun farko, a gaya masa a gabansa cewa za a sanar da malami, sannan a sanar. Raba maki aikin malami ne, aikin rukuni shi ne ya faɗi gaskiyar wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Akwai kuma masu cewa sauƙaƙa wa mai uzuri zai buɗe ƙofa ga malalata, kowa ya riƙa ƙirƙiro rashin lafiyar kaka. Wannan tsoro yana da tushe, amma hanyar da na bayyana ita kanta matata ce. Malalaci ba ya iya miƙa aiki, domin babu aikin. Ba ya roƙon a sa masa ranar amsa tambayoyi, domin tambayoyin yake gudu. Duk wanda ya ce ba zai zo ba, a ce masa, “To kawo ɓangarenka gobe.” Amsar da zai bayar ta isa ta nuna ko wane ne shi.

Ga malamanmu kuma, da ladabi, ina da roƙo ɗaya. A ranar da aka raba rukuni, a faɗa mana ƙa'idar uzuri: kwana nawa kafin rana za a sanar, ta wace hanya, da wace shaida, kuma wane maki ne ake iya ramawa. Ɗalibi yakan yi shiru ne in yana ganin ko ya faɗa ko bai faɗa ba sakamakon ɗaya ne. In ya san mai faɗa da wuri yana da hanyar ramuwa, zai faɗa. Malami yana da ikon ƙin karɓar uzuri, kuma in ya ƙi, ɗalibi ya haƙura da makinsa na tambayoyi. Aƙalla bai ja kowa ƙasa ba.

Kammalawa

Yawancinmu aji za mu koma bayan mun gama, wasu gidan rediyo, wasu aikin fassara. Malamin da ba zai zo makaranta ba dole ya sanar da hedimasta ya bar wa yara aiki. Mai karanta labarai da ba zai zo ba dole ya faɗa tun kafin lokacin labarai, a sami madadinsa. A can ba maki 10 ake rasawa ba, aikin ne kansa. Jingar rukuni ita ce wurin da za mu koyi wannan da araha.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar da ka tabbatar ba za ka samu zuwa ba, a ranar za ka faɗa. Ka fara da rukuni, ka bi da malami. Ka yi amfani da “ba zan zo ba”, ka ajiye “na zo” da “zan ƙoƙarta”. Ka miƙa aikinka ga wanda zai iya tsayawa da shi, ka roƙi abin da ke da sauƙin bayarwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.